Hoto ko bidiyo? Na gwada talla biyu, ku taya ni duba lissafin nan

Maman Hanifa (Jidda): Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sanin harkar talla ku zo nan. Kun san turaren wuta da humra nake sayarwa, ina talla a Instagram mutane suna dannawa su faɗo WhatsApp ɗina. Watan jiya na sa hoton kwalabe, riyal 200, daga 21 ga wata zuwa 24, na samu oda 9. Sai ƙanwata ta yi min bidiyo ina zuba turaren a kasko hayaƙi na tashi, shi ma na sa masa 200 daga 27 zuwa 30, oda 19. To ni a ganina magana ta ƙare bidiyo ya ci, har ina shirin biyan wani yaro 150 duk sabon kaya ya riƙa yi min, amma Baban Hanifa ya ce in tambaya tukuna kar in yi saurin yanke hukunci.

Abu Fahad (Makka): Wa alaikumussalam Hajiya. 19 da 9 ai ko makaho ya shafa ya ji. Bidiyo kullum yana gaba da hoto, halas, ki biya yaron.

Ummi Madina: Ni ban san lissafi ba amma Anti 27 ga wata fa? ranar da albashin ma'aikatan gwamnati ke shiga kenan. Ni da nake sayar da abaya ko talla ban yi ba wannan satin wayata ba ta hutawa, kuma daga 20 ga wata zuwa 25 kamar an yi shara, kowa sai ya ce zan dawo

Maman Hanifa (Jidda): Kai, wallahi ban kawo wannan a raina ba

Sani Riyad: Salam. Ummi ta riga ni. Hajiya aikina kenan, talla nake sarrafa wa shaguna a nan Riyad, kuma abin da kika yi kusan kowa da shi yake farawa. Kin sa hoto lokacin da aljihu ya bushe, kin sa bidiyo ranar da kuɗi ya shigo. Yanzu ba wanda zai iya raba miki nawa ne na bidiyo nawa ne na albashi a cikin ƙarin oda 10 ɗin nan. Mai yiwuwa bidiyon ne da gaske, ban ce ba shi ba ne. Amma da kin juya su, hoto ranar 27, ƙila da yanzu kin zo kina gaya mana hoto ya ci. Sharaɗi na farko shi ne su biyun su gudana a rana ɗaya, awa ɗaya, kuɗi ɗaya, ga mutane iri ɗaya.

Abu Fahad (Makka): To wannan ai mai sauƙi ne Malam Sani, ta zuba su biyun a `ad set` ɗaya, wato rukunin talla masu cin kuɗi daga asusu ɗaya, a lokaci guda, haka nake yi da tallar dabino. Facebook da kansa zai nuna mata wanda ya fi

Sani Riyad: Lokaci ɗaya kam ka yi daidai Abu Fahad. Amma buɗe naka ka duba layin `Amount spent` na kowace talla ka gaya mana.

Abu Fahad (Makka): ɗaya ta ci 262 ɗaya 38. To ai shi ne, mai 262 ita ta ci

Sani Riyad: Ita ta cinye kuɗin dai. In ka haɗa talla biyu a `ad set` ɗaya injin Facebook mai raba kuɗin ba adalci yake nema ba, yana ganin wadda ta fara samun 'yan dannawa a awannin farko sai ya karkata kuɗin can, ɗayar ta zauna tana kallo. Riyal 38 me za ta nuna maka? Kamar ka kai buhu biyu kasuwar Ka'akiyya, ka ajiye ɗaya a bakin hanya ɗaya a bayan shago ka rufe da tabarma, da yamma ka ce na bakin hanya ya fi daɗi. Kuma mutum ɗaya zai iya ganin duka biyun, ya ga bidiyo yau ya danna hoto gobe, wa za ka ba ladan?

Abin da za a yi, a `Ads Manager`, manhajar da ake saita talla, akwai `A/B test`, ana samunsa kuma a ƙarƙashin `Experiments`. Shi yana raba mutanen gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wanda ya faɗa rukunin A ba zai ga B ba, kuma kuɗin kowane ɓangare nasa ne. Ƙuri'ar ita ce gishirin abin, don masu kuɗi da marasa kuɗi, masu son turare da masu kallo kawai, duk za su watsu kusan daidai a ɓangarorin biyu ba tare da kin zaɓa ba.

Zainab Sabil: Ni na taɓa yin nawa, na nuna wa 'yan Jidda ɗaya, 'yan Makka ɗaya, lokaci guda kuɗi ɗaya. Wannan ma ai rabawa ce ko?

Sani Riyad: Rabawa ce amma garuruwa kika gwada Zainab. Kuɗin kai kaya ma kaɗai ya isa ya bambanta su, wadda ke Jidda mai kai saƙo zai kai mata yau, ta Makka sai ta ƙara kuɗi ta jira. Haka in kika raba maza da mata ko Snapchat da Instagram.

Maman Hanifa (Jidda): To na gane. Na buɗe, ya ce in zaɓi abin da zan gwada. Ina so a bidiyon in sa rangwame kuma, saya biyu a kai miki kyauta, tunda dama shi nake sa rai

Bashir ɗalibi: A'a Anti haramun ne a gwaji 😄 abu ɗaya tak ake canzawa. Mu a aji haka aka koya mana, ko kalar rubutu ce ita kaɗai za ki canza, in kika canza biyu gwajin ya ɓaci

Sani Riyad: Bashir rabin maganarka gaskiya ce. Rangwamen kam kada ta sa a ɓangare ɗaya, domin tambayarta ita ce in biya 150 a yi min bidiyo ko hoto ya isa, in ta haɗa da kai kaya kyauta ba za ta san wanne ya jawo odar ba. Rubutu ɗaya, farashi ɗaya, lambar WhatsApp ɗaya, garuruwa da shekaru ɗaya, hoto da bidiyo kawai suka bambanta. Amma batun kalar rubutu, wannan na manyan kamfanoni ne masu oda dubbai a rana. Mai oda 4 ko 5 a rana in ta tsaya gwada ja da kore sai gashinta ya yi fari ba ta ga bambanci ba. Ƙaramin ɗan kasuwa babban abu yake gwadawa. Kuma ba laifi ba ne a gwada talla biyu da suka bambanta ta ko'ina, in dai tambayar ita ce wacce zan ci gaba da ita, illa dai ba za ka san dalilin cin ba.

Alhaji Ɗanladi: Ni shekara 31 ina sayar da darduma da tasbaha a Madina ban taɓa raba mutane gida biyu ba. Kaya in yana da kyau zai sayar da kansa

Ummi Madina: Baba Alhaji ai kai alhazai ne ke wucewa ta ƙofar shagonka kyauta, mu sai mun biya kafin a gan mu 😂

Maman Hanifa (Jidda): Malam Sani wata matsalar, ciniki a WhatsApp nake ƙarasawa, ta ina zan san wadda ta saya daga wace talla ta zo? shi Instagram saƙonni kawai yake ƙirga min

Sani Riyad: Tambaya mai kyau. A tallar da ke kai mutum WhatsApp akwai saƙon da ke fitowa a rubuce kafin ya tura, ki bambanta shi kaɗan. A hoto ki sa "Salam, ina son turare", a bidiyo "Salam, ina tambayar turare". Wasu za su goge su rubuta nasu, su sai ki duba saman hirar, yawanci tallar da suka danna tana maƙale a saƙon farko. Ki samu littafi, shafi biyu, duk odar da aka biya ki ja layi ki rubuta kuɗinta. Kuma tun yau kafin ki danna `Publish` ki rubuta abu uku a shafin farko: abin da za ki ƙirga shi ne odar da aka biya, ba layik ba ba saƙo ba, kuɗin kowane ɓangare riyal 40 a rana, ranar tsayawa bayan kwana 14. Sati biyu cif saboda Alhamis da dare da Juma'a da Asabar ba irin Litinin ba ne a ƙasar nan, ana so kowace rana ta zagayo sau biyu. Su kansu Meta, masu Facebook da Instagram, kwana 7 suke ba da shawara mafi ƙaranci. In ya fara kada ki taɓa komai, ko harafi kika gyara a rubutun injin yana iya komawa koyo daga farko.

Zainab Sabil: to in albashi ya faɗo a tsakiyar gwajin fa, ba ya sake ɓaci ba?

Sani Riyad: A'a, tunda tare suke tafiya ruwan zai daki su biyun. Abin da zan guje wa shi ne goman ƙarshe na azumi ko kwanakin Hajji, ba don rashin adalci ba, don abin da ya ci a lokacin ba lallai ya ci a Safar ba.

Maman Hanifa (Jidda): Jama'a na dawo. Yau kwana 4, kowanne ya ci 160. Hoto oda 12, bidiyo 20. Kun ga dai maganata ta fito, zan kashe hoton in juye kuɗin a bidiyo, asara nake yi

Abu Fahad (Makka): Me na ce tun farko

Sani Riyad: Hajiya ɗauko wayarki ki buɗe kalkuleta, ki nemo alamar √. In ɓangarorin biyu sun ci kuɗi ɗaya akwai ɗan awo mai sauƙi:

```
(B − A) ÷ √(A + B)
(20 − 12) ÷ √32 = 8 ÷ 5.66 = 1.4
```

In amsar ba ta kai 2 ba, irin bambancin da sa'a kaɗai ke iya kawowa ne. Dalilin shi ne, ki ɗauka tallan nan biyu ƙarfinsu ɗaya sak, to kowace oda cikin 32 kamar jefa kwabo ce, ko ta faɗa hoto ko bidiyo. Ki jefa kwabo sau 32 ba kullum zai ba ki 16 da 16 ba, tazarar da ta kai ta 20 da 12 tana fitowa kamar sau ɗaya cikin biyar. Ni ba zan gina shawara a kan wannan ba. Ki ba Hanifa riyal ɗin ƙarfe ta jefa miki yau da dare ki gani da idonki.

Bashir ɗalibi: Na lissafa na farkon ma, 19 da 9, ya ba ni 1.9, saura ƙiris. Ashe da ta samu oda ɗaya ƙari da ya zama tabbas

Sani Riyad: Ko 5 ya ba ka ba zai yi amfani ba Bashir, awon nan sa'a kawai yake aunawa, bai san ranar albashi ba. Gwajin da aka gina a karkace lissafi ba ya miƙe shi. Kuma 2 ɗin ba katanga ba ce da 1.9 ƙarya 2.1 gaskiya, ma'anarta kawai in babu bambanci na gaske, sau ɗaya cikin 20 ne sa'a za ta kai ka can.

Maman Hanifa (Jidda): To shi kenan zan riƙa lissafawa kullum da safe, ranar da ya kai 2 in tsayar

Sani Riyad: Nan ne ramin da ya fi cin mutane, ni ma ya ci ni lokacin ina sabon shiga, na kashe tallar wani mai shago a kwana na uku na yi ta murna, wata na gaba wadda na zaɓa ta kwanta. Wancan sau ɗaya cikin 20 ɗin na wanda ya duba sau ɗaya ne a ranar da ya sa tun farko. Lambar tana hawa tana sauka kullum, in kina leƙawa kina jiran ranar da za ta taɓa 2 ki tsayar, kin ba sa'a dama da yawa. Mai leƙawa sau 5 haɗarin ya ruɗi kansa ya kai wajen kashi 14 cikin ɗari, mai sau 10 kusan kashi 19, alhali tallan ƙarfinsu ɗaya. Ki duba kullum don ki ga ko an ƙi amincewa da talla ko kati ya ƙi biya, wannan dole ne. Hukunci kuwa sai ranar 14. Akwai ma wani zaɓi a wurin saita gwajin na a tsayar da wuri in an samu wanda ya ci, ni kashe shi nake yi.

Alhaji Ɗanladi: Wato ta ci gaba da zuba kuɗi a abin da take gani da idonta ba ya ja. Wannan ilimin naku da tsada yake

Sani Riyad: Baba Alhaji ba ƙarya ka yi ba, da tsada. Amma duba, hoton ma oda 12 ya kawo a 160, wajen riyal 13 kowace oda, ba rijiya take zubawa ba. Ko da bidiyon ya fi da gaske abin da za ta rasa a kwana 10 'yan oda ne, shawarar kuma ta shekara ce, 150 duk sabon kaya.

Ummi Madina: Malam ni tambayata, tun kafin a fara ba a iya sanin oda nawa ake bukata? kar mutum ya yi sati biyu a ce masa bai isa ba

Sani Riyad: Ana iyawa, kuma da na kyauta da tun farko na faɗa. Ki fara tambayar kanki bambanci nawa ne zai sa ki canza shawara, sai ki yi wannan:

```
oda a kowane ɓangare ≈ 16 ÷ (bambanci × bambanci)
0.5 → 64      0.2 → 400      0.1 → 1600
```

Yani in ɗaya ta fi ɗaya da kamar rabi, oda sittin da 'yan kai a kowane ɓangare za su nuna shi mafi yawan lokaci, wajen sau 7 ko 8 cikin 10. In fifikon kashi 20 ne sai 400 kowanne. A farashin Hajiya na wajen riyal 12 kowace oda, 400 ɗin nan riyal 4,800 ne ɓangare ɗaya. Shi ya sa na ce wa Bashir a bar maganar kala. Gwajinta zai tara kamar 50 kowanne, babban bambanci kawai zai iya kamawa.

Bashir ɗalibi: To me zai hana ta ƙirga saƙonni maimakon oda? su ai sun fi yawa, lissafin zai cika da wuri

Maman Hanifa (Jidda): Hmm Bashir ba ka san masu "nawa ne" ba. Bidiyon nan ya tara min su, a tambayi kuɗi a ɓace, wata ma cewa ta yi kaskon take so

Sani Riyad: Ta ba ka amsa. Saƙo zai cika da wuri amma amsar wata tambaya zai ba ka, wacce ta fi sa mutane magana. In a littafinta ta ga kashin masu saya cikin masu saƙo kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu to ana iya jingina da shi, in ba haka ba a'a.

Maman Hanifa (Jidda): Salam, jiya ya cika kwana 14, ban taɓa komai ba duk da hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Kowanne ya ci 560. Hoto 41, bidiyo 52. Na yi lissafin da kaina, 11 a raba da √93, ya ba ni 1.1, ya ma sauka. Bayan kwana huɗun farko 29 da 32 ne kawai. Amma shi `Ads Manager` ya sa wa bidiyo alamar kofi ya ce shi ya ci, to wa zan bi?

Sani Riyad: Sannu da haƙuri Hajiya. Shi saƙonni ya ƙirga, bai ga littafinki ba, kuma ki duba kashin da ya rubuta a gefen kofin, ma'auninsa na bayyana wanda ya ci ya fi namu sassauci sosai. A oda kuwa ga abin da za a iya faɗa: tazarar 11 ce, sa'a na iya motsa ta kamar 19 sama ko ƙasa, wato √93 sau biyu. Gaskiyar tana wani wuri tsakanin hoto ya fi da 8 da bidiyo ya fi da 30. Ya fi karkata ga bidiyo, amma ninki biyun da kika gani watan jiya babu alamarsa. Da bidiyon kyauta ne da na ce ki bi shi kawai, tunda ko kin yi kuskure ba babba ba ne. Da yake akwai 150 sai ki duba ribar oda 11 ɗin ko ta biya shi.

Maman Hanifa (Jidda): Ai nan ne abin ya ɗaure min kai. Na tara kuɗin shafukan, hoto 3,690, bidiyo 3,640. Masu zuwa ta hoto manyan kwalabe suke ɗauka tunda a hoton saiti ne gaba ɗaya, 'yan bidiyo ƙaramar kwalbar da suka ga ina buɗewa suke cewa

Abu Fahad (Makka): To ashe hoto ne ya ci kenan 😅

Sani Riyad: A'a Abu Fahad, riyal 50 a cikin dubu uku da ɗari shida, kwastoma ɗaya ce ta ƙara kwalba. Kuma mun ce oda za mu ƙirga, ba a sauya ma'auni bayan an ga sakamako, in ba haka ba kowa zai tono lambar da ta yi masa daɗi. Amma abin da ta lura da shi ya isa a gina sabon gwaji a kai. Laifina ne ma ban tambaya ba, ashe kayan da ke hoton da na bidiyon ba ɗaya ba ne, kenan ba hoto da bidiyo kaɗai muka gwada ba. Wani abin kuma, ko a cikin `A/B test` injin yana zaɓar wa kowace talla irin mutanen da yake ganin za su amsa ta a cikin rukuninta, bidiyo yakan tafi wurin masu kallon Reels, ƙila 'yan mata masu ƙaramin aljihu. Ki buɗe `Breakdown` ki duba shekaru.

Bashir ɗalibi: in haka ne ai ƙuri'ar ba ta da amfani Malam, tunda daga baya injin ya sake zaɓe

Sani Riyad: Ga mai son ya san wace talla ta fi shiga ran mutum ɗaya, eh akwai matsala, kuma ban san hanyar kauce mata gaba ɗaya a cikin manhajar ba. Ga Hajiya kuwa da injin za ta ci gaba da aiki gobe, abin da ta auna shi ne talla haɗe da inda injin ke kai ta, kuma shi za ta saya.

Alhaji Ɗanladi: Riyal 1,120 an kashe an dawo inda aka fara

Maman Hanifa (Jidda): Baba ai na sayar da kayan 7,330 a ciki, kuma yaron bidiyo na ce masa ya dakata. Na duba `Breakdown` ɗin, bidiyo yawanci 18 zuwa 24 ne, hoto 35 zuwa sama. Ƙanwata za ta sake ɗauka da saitin gaba ɗaya ranar Asabar. Malam Sani wannan karon kuɗi zan rubuta a shafin farko ko oda?

Sani Riyad: Riba za ki rubuta, amma ki sani kuɗi ya fi oda tsalle, mutum ɗaya mai sayen 600 zai karkatar da shafi, kuma awon √ ɗin nan ba ya aiki a kansa. Ki turo min jerin odar ba sunaye ba lambobi in duba yadda suka warwatsu tukuna

Ummi Madina: Anti in kin gama ki ara min littafin, abayata baƙa da mai ado nake so in gwada bayan Umrar Rajab